Darasi na Bakwai: Karanta Tsohon Littafin Hannu Idan Tawada Ta Koɗe

Unguwannin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni suna wajen ganuwar Kano, kuma da yawa daga masu gidaje a cikinsu iyayensu daga cikin birni suka fito, ko daga garuruwan da ke kewaye. Cikin kayan da ake tasowa da su akwai gafakar malam, wadda a kan same ta a saman sif ko a ƙasan akwati, cike da takardu warware marasa ɗinki, masu tawada ja-ja-ja da ƙananan rubuce-rubuce a gefe. Magajin da ya yi makarantar allo, har ya yi karatun littattafai a zaure, yakan buɗe ta da zaton zai karance ta nan take, sai ya tarar idonsa na tuntuɓe a kowane layi. Wannan darasi magana ɗaya zai kafa: mai karanta tsohon rubutu dole ya raba abin da idonsa ya gani a takarda da abin da zuciyarsa ta cike masa, kuma duk gurbin da ya koɗe, daga shaidar da ke cikin littafin kansa ake cike shi, mataki bayan mataki. Inda shaida ta ƙare, sai a bar gurbin a buɗe a yi masa alama.

Jera takardu da sanin hannun marubuci

Aikin farko ba karatu ba ne, jerawa ne. Littattafan ƙasar Hausa da Barno ba a ɗinke su, ana tara waraƙoƙin ne a tsakanin bango biyu a ɗaure da igiyar fata, kuma yawanci babu lambar shafi. Abin da ke riƙe da jerin shi ne kalma ɗaya da marubuci ke sa wa a ƙasan bayan kowace waraƙa, ta ɓangaren hagu, wadda ita ce za ta buɗe waraƙar da ke biye. Idan kalmar nan ba ta dace da farkon waraƙa ta gaba ba, to ko dai an hautsina jerin ko wata waraƙa ta ɓata. Wanda ya tsallake wannan bincike zai iya haɗa ƙarshen wani babi da tsakiyar wani, ya fitar da hukuncin da mawallafi bai taɓa faɗa ba. A lura kuma cewa kalma irin su "ƙala" ko "fi" suna yawan maimaituwa, don haka dacewar kalmar kaɗai ba ta isa ba sai jimlar ma ta miƙe.

Bayan jerawa sai koyon hannun mai rubutun, kuma daga shafin da ya fi fita sarai ake farawa. Rubutunmu na gargajiya ɗan gidan rubutun Magrib ne, shi ya sa harafin fa ke da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Wanda ya saba da bugun Masar ko Bairut zai ga ƙaf ya karanta fa. Haka nan marubuta da yawa ba sa ɗiga wa nun da fa da ƙaf idan sun zo ƙarshen kalma, saboda haka rashin ɗigo a irin wannan wuri ba ya nufin tawada ta goge. Sai ɗalibi ya ɗauki takardarsa daban ya kwaikwayi yadda wannan marubucin ke yin kowane baƙi a farko da tsakiya da ƙarshe, musamman masu kama da juna: dal da ra, kaf da ɗa, sadi da mim. Idan Ajami ne sai a ƙara lura, domin kowane marubuci da dabararsa. Da yawa suna rubuta sautin "c" da harafin sa mai ɗigo uku, sautin "ɗ" da ɗa mai hannu, wasalin "e" kuma da babban ɗigon imala a ƙarƙashin baƙi, kamar yadda aka saba a ƙira'ar Warshu. Wasulan "o" da "u" sau da yawa rufu'a ɗaya ce ke ɗaukarsu, kuma wasu ba sa bambanta "k" da "ƙ". Ke nan siffa ɗaya tana iya zama kura, ko kora, ko ƙura, sai ma'anar jimla, ko karin waƙa da amsa-amonta, su raba gardama.

Abin da ke faruwa da tawada

Tawada iri biyu aka fi samu, kuma kowace da yadda take lalacewa. Akwai wadda ake yi da gawayi ko baƙin tukunya a haɗa da ƙaro. Ita wannan a saman takarda take zama, ba ta sauya launi, amma gogayya tana ɓanɓare ta, ruwa kuma yana wanke ta ya bar dabbare. Akwai kuma wadda ake dafawa da 'ya'yan bagaruwa da ƙarfe ko kashin maƙera. Wannan tana shiga jikin takarda, tana komawa ruwan ƙasa da tsufa. Idan ƙarfen ya yi kaɗan sai ta dusashe, idan ya yi yawa sai ta ci takardar har baƙi ya zama huda. Sanin bambancin yana da amfani wajen karatu, domin tawadar bagaruwa ko ta koɗe takan bar inuwarta, wani lokaci har ta fito ta bayan waraƙa, kuma fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba takardun kuɗi da ita tana iya fito da ita baƙa a ɗaki mai duhu, muddin ba a daɗe ana haskawa ba. Ita kuwa ta gawayi, idan ta ɓanɓare, abin da ya rage shi ne sawun alƙalami, wanda ake gani idan aka kwantar da hasken tocila daga gefe, kusan daidai da fuskar takarda. Abin da ya fi saurin tafiya shi ne ɗigo da wasali, saboda alƙalami bai danna su sosai ba, kuma sau da yawa da jar tawada aka sa wasulan daga baya. Don haka yawancin matsalar koɗewa matsalar ɗigo ce: gangar jikin kalma tana nan, abin da ke bambanta ba da ta da nun da ya ne ya tafi.

Misali: saba'in ne ko tis'in?

Mu ɗauka a cikin gafakar akwai kwafin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, littafin da kusan kowane zauren ilimi a Kano ke karantarwa. A babin zakkar dabbobi, wajen lissafin raƙuma, danshin damina ya taɓa layin da ke faɗin adadin da ake ba da bintu labun biyu a kansa. Kalmar "shida" ta fito, amma ta goman da ke biye ta rasa ɗigonta duka. A Larabci, saba'in da tis'in, wato casa'in, idan aka cire ɗigo kusan siffarsu ɗaya ce: kowace tana da haƙora huɗu kafin harafin ain. A saba'in haƙora uku na sin ne ke gaba, na ba ya biyo. A tis'in haƙorin ta ne ke gaba, uku na sin su biyo.

Mataki na farko shi ne a rubuta abin da ake gani kawai: wau, haƙora huɗu, ain, ya, nun, babu ɗigo. Mataki na biyu a duba tsayin haƙoran. Marubuta sukan ɗan ɗaga haƙorin da ke maƙwabtaka da sin don kada ya ɓace a cikinsa, saboda haka idan na ƙarshe ne ya fi tsawo, saba'in ce, idan na farko ne, tis'in ce. Amma ba za a dogara da wannan ba sai an tabbatar wannan marubucin yana yin haka, kuma an yi sa'a kalmar tis'in tana nan a layi na gaba, inda ake maganar raƙuma 91, sai a kwatanta. Mataki na uku a auna da tsarin maganar kanta. Matakan zakkar raƙuma suna hawa ne daga 25 zuwa 36, zuwa 46, zuwa 61, sannan gurbin da ya koɗe, sannan 91. Adadin da zai zauna tsakanin 61 da 91 ba zai zama 96 ba, sai 76. Mataki na huɗu a nemo wani kwafin ko bugun ɗab'i a gwada. Shaidu huɗu sun haɗu, sai a rubuta 76, amma a sa kalmar cikin baka mai kusurwa don mai zuwa ya san ɗigon ba ya nan, an gano ta ne da dalili.

Yanzu a juya zuwa bayan waraƙar ƙarshe, inda mai littafin ya rubuta cewa yana bin wani bashin wuri dubu kaza, kuma wannan siffar ce dai ta sake fitowa, ga shi gara ta ci saman haƙoran. A nan babu jerin lissafi da zai taimaka, babu kwafi na biyu a duniya, tsayin haƙora kuma ya tafi. Karatu na gaskiya shi ne a rubuta cewa dubu saba'in ne ko dubu tis'in, ba a iya rabewa ba. Siffa ɗaya ce a wurare biyu, a ɗaya an kai ga tabbaci, a ɗayan ba a kai ba, kuma gwanintar mai karatu ita ce ya san bambancin.

Rubutun gefe ba iri ɗaya ba ne

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar duk abin da ke gefen shafi a matsayin abu guda. Aƙalla iri huɗu ne. Na farko shi ne abin da mai kwafi ya tsallake sannan ya dawo ya cike. Za a ga ɗan lanƙwasasshen layi a cikin matani yana nuna gefe, kuma a ƙarshen ƙarin an rubuta "sahha", sadi da ha, ma'ana wannan ya inganta, a mayar da shi cikin layi. Irin wannan tsallake yakan faru ne inda kalma ɗaya ta zo sau biyu kusa da juna, idon mai kwafi ya yi tsalle daga ta farko zuwa ta biyu, kamar a layukan zakkar raƙuma da ke farawa da lafazi iri ɗaya. Na biyu shi ne karatun wani kwafi, wanda ake sa wa harafin ha mai ɗigo a sama, gajarcewar "nuskha"; wannan ba a shigar da shi cikin matani, ana ajiye shi a matsayin shaida ta biyu. Na uku shi ne bayanin malami ko na ɗalibi: fassarar kalma da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci a tsakanin layuka, ko wani dogon sharhi da aka ciro daga wani littafi aka rufe shi da alif da ha, wato "intaha", maganar da aka ciro ta ƙare. Na huɗu shi ne abin da bai shafi littafin ba sam: ranar haihuwa, rasuwar wani, fa'ida, lissafin bashi.

Yadda ake rarrabewa idan alamar ta koɗe shi ne a karanta jimlar matani ba tare da ƙarin ba. Idan ta karye, ta rasa fi'ilinta ko amsar sharaɗinta, ƙarin nata ne. Idan ta tsaya da ƙafarta, mai yiwuwa ƙarin bayani ne. Sannan a duba ko tawada da kaurin alƙalami da hannu sun yi daidai da na matani. Muhimmancin wannan shi ne, idan wani ya kwafe littafin ya zuba bayanin ɗalibi cikin layi, bayan kwafi biyu ko uku babu mai iya gane cewa ba maganar mawallafi ba ce.

Harafi ɗaya, ma'ana da yawa

Wasu gajarce-gajarcen ba sa sauyawa: alif da lam da ha mai ɗigo na nufin har zuwa ƙarshe, "ƙif" a gefe na nufin tsaya ka lura, "balaga" na nuna inda aka kai wajen gwada kwafi da asalinsa. A littafin sharhi, sadi yakan nuna maganar matani, shin kuma maganar mai sharhi. Haɗarin yana ga haruffan da ke wakiltar sunayen malamai, domin kowane littafi da mabuɗinsa. Harafin ƙaf a cikin Kifayatuɗ Ɗalib, sharhin Risala na Abul Hasan, yana nufin Al'aƙfahsi. A littattafan da ke kewaye da Muhtasar na Halil, ƙaf ɗin nan Almawwaƙ ne. A Jami'us Sagir na Suyuɗi kuwa yana nufin Buhari da Muslim sun haɗu a kan hadisin. Haka dal take Ahmad Zarruƙ a Kifaya, amma Abu Dawud ce a Jami'us Sagir. Saboda haka idan aka ga ƙaf a ƙarshen wani bayani a gefen Risala, tambayar farko ita ce daga wane littafi aka ciro bayanin, sannan a koma gabatarwar wancan littafin, inda mawallafa suka saba bayyana ramzozinsu. Wanda ya haddace ma'ana ɗaya ya ɗora ta ko'ina zai jingina wa malami maganar da ba tasa ba.

Shekarar rubutu ma da haruffa ake yawan ɓoye ta, abin da malamai ke kira ramzi, kuma lissafin Magrib ake bi a ƙasar nan. A cikinsa shin 1000 ne, alhali a lissafin Gabas 300 ne. Ramzin da ya ƙunshi shin da ra da ya da ha ƙarami zai ba da 1000 da 200 da 10 da 8, wato 1218, shekarar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu, wadda ta zo a watan Fabrairu na 1804. Da lissafin Gabas sai a sami 518, kuskuren shekara 700 cif. Don mayar da shekarar Hijira ta Miladiyya, a raba ta da 33, a cire abin da aka samu daga cikinta, a ƙara 622. Amsar takan zo daidai ko da bambancin shekara ɗaya. A kuma tuna cewa mai kwafi yakan kwafe ramzin mawallafi yadda ya same shi, don haka ramzi na iya nuna shekarar wallafa alhali takardar ta zo daga baya. A ɗaga waraƙar a haske: tambarin jinjirin wata uku alama ce ta takardar Italiya da fatake ke kawowa ta hamada, wadda ta yawaita a ƙarni na 19, amma an daɗe ana yin ta, don haka zamani take nunawa, ba shekara ba. Takarda mai layukan inji kuwa ta fi kama da bayan zuwan Turawa Kano a 1903.

Amsa ga masu ja

Wani zai ce malamin da ya haddace Risala ba ya bukatar duk wannan wahala, da ya ga farkon layi zai ƙarasa. Gaskiya ne hadda babban makami ce, kuma wanda bai san fannin ba ba zai karanta littafin fannin ba. Amma hadda tana gaya wa mutum abin da ya kamata ya kasance a shafin, ba abin da ke shafin ba, kuma darajar kwafin hannu tana daidai inda ya saɓa wa abin da aka saba: kuskuren da ke nuna daga wane kwafi aka ɗauko shi, ko karatun da ya fi na bugu inganci. Mai ƙarasawa da ka zai wuce waɗannan wurare bai gan su ba. Shi ya sa aka sa gwadawa da wani kwafi a mataki na huɗu, bayan ido ya gama aikinsa. Ga wasiƙa da wasiyya da waƙar Ajamin da ba ta yaɗu ba kuwa, babu haddar da za ta taimaka.

Wani kuma zai ce tunda tawada na tafiya, gara a bi ta da biro tun ana iya gani. Niyyar mai kyau ce, amma wanda ya bi rubutu da biro karatunsa ya rubuta a kan na marubuci, kuma ya binne shaidar da wani zai gyara shi da ita. Da an bi haƙoran nan huɗu da biro, an sa ɗigo inda aka zata, da babu sauran mai iya auna tsayinsu. Haka salatif da liƙe takarda cikin roba da zafi suke: gam ɗinsu yana shiga takarda, ba ya fita. Abin yi shi ne a ɗauki hoton kowane shafi gaba da baya da waya, a hasken rana na inuwa, har da gefuna, a ƙara hoto da hasken gefe inda ya koɗe, sannan a yi kwafi a takarda daban, layi bisa layi.

Akwai kuma mai jin cewa barin gurbi a buɗe gazawa ce, ko rashin ladabi ga littafin magabata. Su magabatan ne suka koya mana wannan hanya. Wanda ya rubuta "sahha" ya yarda ya yi tsallake, wanda ya sa alamar "nuskha" ya ajiye karatu biyu bai zaɓar mana a ɓoye ba, kuma wasu masu kwafi sukan bar fili fari inda asalin da ke gabansu ya lalace. Gurbin da aka yi wa alama wata rana za a iya cike shi, idan aka sami wani kwafin a sashen rubuce-rubucen hannu na Jami'ar Bayero, ko Gidan Ɗan Hausa, ko Gidan Arewa da ke Kaduna, ko wajen wani malami a Madabo. Gurbin da aka cike da zato kuwa babu mai komawa kansa, domin babu wanda ya san akwai matsala a wurin.

Aikin yi

1. Ka samo waraƙa biyar na wani littafin hannu da izinin mai shi, ka tabbatar da jerinsu ta hanyar kalmar ƙasan shafi, ka rubuta inda jerin ya yanke idan akwai.

2. Ka kwafe layi goma, ka sa duk kalmar da ka gano da dalili cikin baka mai kusurwa, ka faɗi dalilin, ka sa ɗigo uku inda ba ka iya karantawa ba.

3. Ka ware rubuce-rubucen gefen shafi ɗaya zuwa iri huɗun da aka bayyana, tare da shaidar kowanne.

4. Ka lissafa ramzin da ya ƙunshi shin da ra da lam da ba, inda lam 30 ne, ba kuma 2, sannan ka mayar da shi shekarar Miladiyya.